Ranar da Tela Ya Ce Albarka

A layin teloli, in ka ce Na-Sallama, ba wanda zai tambaye ka wa kake nufi. Za a nuna maka shago na ƙarshe, wanda ke manne da bangon mai facin taya, inda wani dattijo siriri yake zaune a bayan babban keken ɗinki mai lantarki, tef ɗin awo rataye a wuyansa, tabarau ya zamo masa zuwa kan hanci. Shi ne Tela. Sunan tsokanar kuwa halinsa ne ya jawo masa. Kowa ya san yadda ciniki yake tafiya: mai saye ya taya, in bai yi wa mai kaya ba ya ce albarka, in ya yi masa ya ce ya sallama. To shi wannan bawan Allah, albarka ba ta fita daga bakinsa. Da ka langaɓe kai ka ce, "Haba Tela, a duba mana," shi ke nan, ka gama da shi. Zai sosa ƙeya ya ce, "To, na sallama." Wallahi wani lokacin tun kafin ka gama langaɓewar.

Bai gaji ɗinki ba. Ubansa lebura ne a wurin masu sauke kaya, kuma bayansa ya lalace tun yana da sauran ƙarfi, shi ya sa ya rantse ɗansa sana'ar zaune zai yi. Ya kai shi wurin wani tsohon tela mai zafin rai, ya yi shekara bakwai a can, biyun farko ban da sa maɓalli da share ƙyallaye ba abin da aka bari ya taɓa. A wurin tsohon nan ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa. In zai ɗinka wa yaro wando ko siket, sai ya bar kalmasa mai faɗin inci uku a ƙasa, ya kuma ɓoye inci guda a kowane gefe. Yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ji tsohon. In ya yi tsawo a farke kalmasa a sake ta, in ya yi ƙiba a buɗe gefe. Kayan da aka ɗinka haka sai su yi wa yaro shekara uku, har ƙaninsa ya gada. Sauran teloli dariya suke yi masa, suna cewa yana binne ribarsa a ƙafar wando.

Wannan kalmasa ce ta haɗa shi da Malama. Lokacin makarantarta ɗaki biyu ce a bayan gidan haya, yara goma sha bakwai, allo guda, ita ce shugaba, ita ce mai koyarwa, ita ce mai buga ƙararrawa. Ta zo da ƙyallen yadi shuɗi a jaka, ta ce tana son kayan makaranta masu ƙarko, don iyayen yaranta ba masu hali ba ne. Ya juya mata ƙafar wani wando ya nuna mata. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Kai ne telana." Shekara ashirin da biyu ke nan da wannan magana. Makaranta ta girma har ta yi bene, aikinta ya kai saiti ɗari uku a shekara, riga da wando ko riga da siket. Makaranta ke saye a wurinsa, iyaye su saya a makaranta. Daga wannan aiki ya sayi babban kekensa, daga shi ya aurar da 'ya'yansa mata biyu. Daga shi ne kuma yake biyan Dogo, abokin aikinsa mai yanka da guga, wanda suka yi furfura tare. Sauran ɗinkin da ke shigowa shagon, facin gwiwa da canjin zif da rage ƙugu, na cefanen yini ne kawai. Aikin Malama shi ne shagon. In babu shi, hayar shekara ma ba za ta fita ba.

Ita ma Malama ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ranar da aka kwantar da matar Tela a asibiti, ita ta fara zuwa, ta kuma zauna har aka fito da ita daga ɗakin tiyata. Jikarsa guda tana makarantar, rabin kuɗi ake karɓa. Amma mace ce da ta san ciniki, kuma ta san telanta. Kowace shekara, in dogon hutu ya matso, za ta zo ta zauna a bencin baƙi, a gaisa, a tambayi iyali, ya faɗi kuɗin saiti, ta ce, "Haba Tela, ni ce fa." Shi kuma ya sosa ƙeya. Shekara ashirin da biyu bai taɓa mayar da ita ba ko sau ɗaya. Da can ana rage wa riba ne, abin bai yi ciwo ba. Bara kuwa da aka gama aikin aka tattara, sai ya ga ya yi wata biyu yana ɗinki don kawai ya mayar da kuɗin yadi. Babur ɗinsa ya sayar ya cike haya, tun daga nan da ƙafa yake zuwa shago.

Bana abin ya wuce na bara. Yadi ya tashi sau biyu cikin wata huɗu, zare ya tashi, zif ya tashi, har robar ƙugu ta san darajar kanta. Wuta kuwa sai ta ga dama, rabin aikin da janareto ake yi. Tela ya tsayar da kuɗin saiti, ya ɗora abin da kaya suka ƙaru kawai, bai ƙara wa kansa komai ba, ya aika wa Malama. Kwana uku shiru. Ran na huɗu ta kira shi a waya. Ta ce iyaye na ta cire yara, wasu ma ba su gama biyan kuɗin zangon da ya wuce ba. Ta ce wani dila ya kawo mata samfurin ɗinkin kamfani mai araha, amma ita ba ta son barin telanta. In zai rage mata kashi ɗaya cikin biyar, aikin nasa ne. Za ta zo ran Asabar su ƙarasa magana.

Kashi ɗaya cikin biyar! Tela ya ajiye waya ya zabga tagumi. Dogo, da ya ji komai daga teburin yanka, ya ce, "To mene ne abin tagumi? Ka sallama mata mana, mu kuma mu san yadda za mu yi. A cire inci ukun nan naka, a bar rabin inci. A sayo yadi mai lamba biyu, launinsu ɗaya, sai an wanke sau biyar ake gane bambanci. Ɗinki biyu a koma ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Tela.

"Kai za ka sani! To saninka za mu ci?"

Tela ya sunkuya kan kekensa. Abin da ya sani kawai shi ne, in ya karɓi kuɗin yadi mai kyau ya ba da marar kyau, ba ragi ya yi wa Malama ba, cutarta ya yi. Yaran ma da za su sa kayan ya san iyayen wasunsu, shi ya ɗinka musu nasu kayan makarantar.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa tana tsintar wake a tire. Ya ba ta labari. Ita mace ce mai magana ɗaya, kuma ta gaji da sunan Na-Sallama tun ba yau ba. Ta ture tiren gefe ta ce, "Malam, bara babur ya tafi. Bana me zai tafi? Ni ko katifa?"

"In na ƙi, za ta iya tafiya wurin dila."

"In ka yarda fa?"

"In na yarda, da jarina zan yi mata aikin."

"To ka gani. Gaba kura, baya sayaki. In dai faɗuwar ce ko ta ina, gara ka faɗi a tsaye da ka yi wata biyu kana taka keke kana haƙa wa kanka rami." Ta ɗan sassauta murya. "Amma kada ka ɓata da ita. Matar nan ta yi mana halacci. Ka hana ta, amma kada ka kore ta."

Ka hana ta, kada ka kore ta. Faɗa da sauƙi! Mutumin da ya kai shekara sittin bai iya kalma ɗaya ba, yanzu a ce ya koye ta cikin kwana biyu. Ran Juma'a Dogo ya kama shi yana yi wa dutsen guga magana a hankali, "Albarka. Albarka, Malama." Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ka ƙara ƙarfi, dutsen ma bai yarda ba." Tela bai yi dariya ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ran Asabar da hantsi Malama ta iso. Ta tsufa ita ma, tana hawa dakalin shagon tana dafa gwiwa. Tela ya kakkaɓe mata benci, ya aika aka kawo ruwa mai sanyi. Aka gaisa, yaya uwargida, yaya yara, yaya makaranta. Ta fito da samfurin dila daga jaka ta ajiye a kan tebur. Tela ya ɗauka, ya juya cikinsa waje. Yadin sharara ne, in ka ɗaga kana hango ƙofa ta cikinsa, kalmasar kuwa ba ta kai faɗin yatsa ba. Bai kushe ba. Ya ninke shi da kyau ya mayar mata.

"To Tela, ka ji maganata a waya," in ji ta. "Ba don ina so ba. Ka rage min kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan mu wuce wurin. Ni ce fa."

Hannunsa ya kama hanyar ƙeya da kansa. Ya tsayar da shi a wuya, ya kama tef ɗin awo ya riƙe. Ya dubi Malama ya ce, "Albarka, Malama."

Dogo ya tsaya da almakashi a buɗe. Malama ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne.

"Yau kuma? To na ji. Nawa za ka rage?"

"Ko kaɗan, Malama. Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri."

Murmushin ya tafi. Ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Shekara ashirin da biyu, Tela. Tun ina da yara goma sha bakwai. Teloli nawa suka zo har ofishina suna roƙo na ce ina da nawa? Yau ni za ka dubi idona ka ce wa albarka, kamar wadda ta zo wucewa?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya ji kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zare tef ɗin daga wuyansa, ya shimfiɗa a kan tebur, ya sa babban yatsa a kan inci goma.

"Duk abin da kika faɗa haka yake, kuma ban manta ba, ba zan manta ba har in mutu. Shagon nan da aikinki ya tsaya. Shi ya sa ke ba zan ɓoye miki komai ba. Malama ce ke, ki duba lissafin ɗalibinki. Ki ɗauka inci goman nan shi ne kuɗin saiti guda." Ya ja yatsa. "Daga nan zuwa shida, yadi ne. Na bakwai zare da zif da maɓalli da roba da bajo. Na takwas wuta da man janareto da haya. Na tara na Dogo ne. Wannan na ƙarshen, guda ɗayan nan, shi nake kai wa gida. Ke kuma inci biyu kike nema. In na ba ki, na ba da nawa, na haɗa da na Dogo."

Malama ta sunkuya tana kallon tef ɗin.

"Akwai hanyar da zan ce miki na sallama yanzun nan, ki tafi kina jin daɗi," in ji shi. "In sauya yadi, in cinye kalmasa, ba za ki gane ba sai tsakiyar zango, lokacin da gwiwoyi suka fara fashewa. Ranar nan iyaye ba sunana za su kira ba, naki za su kira. Gara ki ji haushina yau da ki ji kunya gobe."

"To bara da ka rage min fa?"

Bai so ya faɗa ba. Dogo ne ya faɗa daga bayan tebur, ba tare da an tambaye shi ba. "Ai baran ce ta cinye babur, Malama."

Ta juya ta dubi ƙofar shagon, inda babur ɗin yake tsayawa shekara da shekaru. Sai yanzu ta lura babu shi. Ta ce, "Innalillahi. Tela, me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kunya, Malama."

"Kunyar banza!" Ta faɗa da faɗa, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki ruwan ta sha, ta daɗe tana juya kofin a hannu. Can ta ce, "Na ji, kuma na yarda. Amma ni ma ka ji nawa. Uwa ta zo jiya ta cire 'ya'yanta uku, tana kuka ina kuka. In na ce musu kayan makaranta sun ƙara kuɗi, wasu goma za su bi ta. Yaya zan yi?"

Nan ne Tela ya yi abin da ya kwana biyu yana shiryawa, don ba ya son ta fita hannu rabbana. Ya ce kuɗin saiti ba zai taɓu ba, amma akwai abin da zai iya. Ba sai ta karɓi ɗari uku a lokaci guda ba, ta fara da na sababbin ɗalibai, sauran a yi su kashi kashi, ta biya kashi kashi. Kai kaya makaranta kuma a wuyansa, ba sai ta aiko mota ba. Da ya tsaya nan da ya tsira da wani abu. Amma ya ga hawayen matar nan, tsohon halinsa ya motsa ta wata ƙofar.

"Sannan duk yaron da kayansa suka ɗage masa, in dai ɗinkina ne, ba sai an saya masa sabo ba. A kawo in saki kalmasa, in buɗe gefe, zai ƙara shekara guda ko biyu. Bana kyauta zan yi."

Dogo ya ajiye almakashi da ƙarfi. Malama kuwa fuskarta ta washe. Ta ce, "Kai Tela, Allah ya yi maka albarka. Wallahi ka sauke min dutse. Na zo ina jin haushinka, zan tafi ina jin kunyarka." Ta ce zancen sababbin kaya za ta kai wa kwamitin iyaye, don yanzu ba ita kaɗai ke yankewa ba. Ya raka ta har bakin titi, suna tafe tana yi masa faɗan babur. Suka rabu da dariya.

Da ya dawo, Dogo ya ce, "Sannu, gwani. Ka hana ta inci biyu, ka ba ta awon gaba ɗaya. Wa zai sayi sabo alhali ana gyara tsoho a banza?"

Tela ya ce ai dai bai rage ba. A ranar har wani ɗan daɗi ya ji a ransa, ya faɗi kalmar, kuma sama ba ta faɗo ba. Matarsa ma ta ce ya yi daidai, ko da yake da ta ji zancen gyaran kyauta sai ta kawar da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Bayan kwana goma Malama ta dawo. Ba ta aiko ba, ba ta yi waya ba, da ƙafarta ta zo, kuma wannan ma mutunci ne. Ta ce ta kai musu wandonsa da na dila, ta juya musu ciki, ta yi bayani har muryarta ta dushe. Iyaye suka ce sun gani, sun kuma san nasa ya fi, amma abin da ke aljihunsu yau shi za su duba, shekara mai zuwa Allah na nan. Sababbin ɗalibai na dila za a saya musu. Tsofaffi kuwa kowa ya yi murna da zancen gyara, har an yi masa addu'a a wurin taron.

"Ko yanzu in ka rage, zan koma in sake gwadawa," in ji ta, a hankali, ba ta ma dube shi ba.

Tela ya dubi tef ɗin awonsa. Ga aikin nan a gabansa, kalma ɗaya ce tsakaninsu. Amma inci goman nan ba su ƙaru ba tun ranar Asabar ɗin.

"Ba zan iya ba, Malama. Ki sayi nasu, ba komai. Ki dai ce su ba ki masu ɗan girma, don yadin zai tsuke in an wanke."

Ta ce, "Har da shawara za ka ba ni?" Ta share ido da bakin mayafi.

Buhu huɗu aka kawo daga makaranta, saiti ɗari da arba'in, kowanne da sunan yaro a takarda an maƙala da allura. Wata guda Tela ya yi a kansu. Ya farke ɗinkin da ya yi da hannunsa shekara biyu ko uku da suka wuce, ya saki kalmasa, Dogo ya kashe tsohon karin da ruwa da dutsen guga, shi kuma ya sake ɗinkewa. Abin takaici, kayan garau suke. Launi ya ɗan koɗe, amma yadin ko gezau. Kowane wando da ya ɗaga, ya san sabon saiti guda ke nan da ba za a saya ba, kuma ingancin aikinsa ne ya jawo. Zare nasa, man janareto nasa. Iyaye suna biyowa ta shagon suna sa albarka, wata ta kawo masa ƙwai shida, wani ya kawo sabulu. Bai taɓa samun yabo irin na wannan wata ba, bai kuma taɓa shiga babu irin ta wannan wata ba.

Dogo ya jira aka gama buhu na ƙarshe, don shi ma ɗan halak ne. Ranar ya naɗe wayar dutsen guga ya ce surukinsa ya samo masa aikin guga a wani otal. Tela ya ce ya kyauta, ya je, Allah ya sa a dace. Suka yi musabaha kamar baƙi, don in suka ce za su yi magana abin zai yi yawa. Shekara goma sha tara suna shago ɗaya.

Daga nan sai facin gwiwa da canjin zif. Tela ya zaga makarantu uku da samfurinsa a leda, da ƙafa. Ko'ina a karɓe shi da mutunci, a yaba ɗinki, a tambayi kuɗi, a ce za a neme shi. Ba wanda ya neme shi. Idonsa kuma ya fara ba shi wahala, zura zare a allura sai ya yi sau huɗu. Lokacin haya ya zo, mai shago ya ɗaga masa ƙafa wata guda, sannan ya ce mai faci na son ya haɗa da nasa. Tela bai yi gardama ba. Ya yanke zai koma gida da ƙaramin kekensa na ƙafa, ya riƙa faci a ƙofar gida. Babban keken kuwa ba wurin sa shi, ba wutar da za ta ja shi, kuma gida na bukatar abinci. Ya rubuta a kwali cewa na sayarwa ne, ya jingina a jikinsa.

Kwana biyu da sa kwalin sai ga Malama. Jikarsa ce ta faɗa a makaranta. Ta tsaya a tsakiyar shagon tana kallon kantocin da babu komai a kansu, ta ce, "Tela, ni na jawo maka wannan."

"Ba ke ba ce, Malama. Zamani ne."

Ta ce za su buɗe ajin koyon sana'a ga manyan 'yan mata, suna neman keke mai ƙarfi, kuma ta fi son wanda ta san hannun da ya riƙe shi. Nawa ne?

Tela ya dafa kan keken. Shekara goma sha shida yana zaune a bayansa, ya san kukansa in yana son mai, ya san inda fentinsa ya goge daidai wurin da yake ɗora hannun hagu. Ya sa kwalin ne da hannunsa, amma zuciyarsa ba ta sa ba. Sai ya faɗi kuɗi mai yawa, fiye da abin da kowane tela a layin zai biya. Ya san Malama. Za ta ce haba Tela, shi kuma yanzu ya iya hanawa, ciniki ya watse, keken ya ƙara kwana a wurinsa ko da mako guda ne.

Malama ta buɗe jaka. "Na saya," in ji ta.

Ya tsaya yana kallonta. "Ba za ki nemi ragi ba?"

"A wurinka? Na daina, Tela. Ka koya min."

Tana nufin alheri ne, ya sani, har cikin ranta take ganin taimakonsa ta yi, kuma taimakon ne. Ta kira direban motar makaranta da mai faci, suka kwance kan keken daga teburinsa, suka fitar da shi da ƙyar ta ƙofar. Tela ya bi su a baya yana cewa a yi a hankali da bel, a yi a hankali da feda. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi, kowa a wurin masoyinsa ne.

Malama ta shiga gaba, ta leƙo ta taga ta ce ya gaida uwargida, kuma duk ranar da ya ga dama ya zo ya ga keken, ƙofa a buɗe take. Direba ya tayar da mota. Tela ya matso ya dafa ƙofar, kamar mai babbar magana. Ta ce wa direba ya dakata.

"Malama," in ji shi, "ki ce wa yaran su riƙa sa masa mai duk mako. Ba ya son ƙura."